ZAMAN GIDA: Ba A Yanke Wa Babba Lokaci

A watan nan wasiƙa ce ta zo mana daga wani saurayi, mutumin Riko ta ƙasar Jibiya, a Jihar Katsina. Malamin makaranta ne, yana koyarwa a cikin birnin Katsina. Ya roƙa kada a ambaci sunansa, mun kuwa yarda. Ga abin da ya ce a taƙaice.

Mahaifinsa ya rasu ya bar musu gona a bayan gari. Tun yana da rai ya ba wani maƙwabci aron gefe guda na gonar. Da shekara ta kewayo, sai iyalin suka ga ya kamata a je a nuna iyaka kafin ruwan shuka ya sauka. Mutum uku ne suka san iyakar nan: baffansa, watau wan mahaifinsa, da mai unguwa, da wani kawunsa da ke zaune a ƙetaren iyaka, wajen Ɗan Isa ta ƙasar Nijar. Saurayin ba shi da sukuni sai ranar Asabar. Saboda haka ya ɗauki waya ya rubuta wa baffansa saƙo kamar haka:

"Baffa mu haɗu Asabar ƙarfe 4 a gona. Ka gaya wa mai unguwa."

Ba a amsa masa ba. Shi kuwa ya ɗauka shiru amsa ce. Ran Asabar ya biya kuɗin mota, ya je ya tsaya a gona har rana ta yi ja, ba wanda ya zo. Da ya shiga gida ya gai da baffan, tsohon ya amsa gaisuwa sarai, amma bai ta da zancen gona ba. Kwana goma bayan haka aka yi ruwa, maƙwabci ya shuka geronsa har ya ɗan zarce inda aka ba shi. Kowa ya sani ba a tuge shukar mutum. Tilas magana ta jira kaka. Damina guda ta tafi ke nan.

Tambayarsa ita ce: "Mene ne laifina? Ban zagi kowa ba. Haka nake rubuta wa abokan aikina kullum, suna kuwa zuwa."

Ɗana, gaskiyarka, ba ka zagi kowa ba. Amma ka ba da amsar tambayarka da bakinka. Ka rubuta wa baffanka irin saƙon da kake rubuta wa abokanka.

Wanda ya faɗi lokaci shi ne babba

Ga tushen maganar duka. A wurinmu, wanda ya yanke lokaci shi ne mai iko da zaman. Uba ne ke ce wa ɗa, "Ka same ni da la'asar." Dagaci ne ke aika wa talakansa, "Ka zo gobe da hantsi." Tsakanin tsara da tsara kuwa ba wanda ya fi wani, don haka kowa na iya jefa lokaci, ɗaya ya karɓa ko ya musanya. In ka ce wa abokinka, "Mu haɗu Asabar ƙarfe huɗu," sai ya ce, "Kai, huɗu ta yi mini wuri, mu mai da shi biyar." An gama, ba wanda ya ji ciwo.

Dattijo ba zai yi wannan ciniki da kai ba. In ka yanke masa lokaci, hanya biyu ka bar masa. Ko dai ya zo, ya zama yaro ya kira shi ya amsa, ko kuwa ya ƙi, ya zama ya yi jayayya da ɗan cikinsa. Duka biyun ba su yi masa daɗi ba. Sai ya ɗauki ta uku, wadda ba ka lissafa ba, watau ya yi shiru. Shirun baffanka ba mantuwa ba ce. Amsa ce, kai ne ba ka karanta ta ba.

Saboda haka abokinka kana ba shi lokaci, amma babba roƙonsa kake yi ya ba ka. Sauran abin da za mu faɗa duka reshe ne na wannan.

Mu warware saƙon nan kalma kalma

Saƙon bai kai kalma goma sha biyar ba, amma tuntuɓe huɗu ne a cikinsa.

Na fari, babu gaisuwa. Ka kira sunan dangantaka, ka ce "Baffa", wannan ya yi kyau. Amma daga nan sai ka faɗa cikin bukata kamar wanda ya shiga gida ba sallama. Ko a waya ne, ko a takarda, babba sai an tambaye shi kwana, da gida, da jiki, kafin a ce "bayan haka".

Na biyu, kalmar nan "mu haɗu". Haɗuwa ta tsara ce: kai ka taso, shi ya taso, ku gamu a tsakiya. Yaro ba ya haɗuwa da babba. Yaro yakan je ya same shi, ko ya iske shi, ko ya zo gaishe shi. Ka lura da bambancin "mu haɗu a gona" da "in zo in same ka a gida". A ta biyun, ƙafarka ce ke tafiya, shi yana zaune a wurinsa.

Na uku, ka yanke rana, ka yanke sa'a, ka kuma yanke wuri. Ba ka bar masa ko abu ɗaya da zai zaɓa ba.

Na huɗu shi ne mafi nauyi: "Ka gaya wa mai unguwa." Ka aiki wan ubanka. Ka mai da shi ɗan saƙonka, zuwa wurin wani babban kuma. Ko da sauran ukun sun wuce, wannan kaɗai ya isa ya sa tsoho ya ajiye waya ya juya fuska.

Wane suna za ka kira shi da shi?

Kafin a zo ga lokaci, sai an san yadda za a buɗe baki. Mutumin gida ana kiransa da dangantaka: Baba, Baffa, Kawu, Inna, Goggo, Yaya. Ba a kiran babba da sunansa na yanka gatsau. Suruki kuwa ko matarka ba ta nan ba ka kama sunansa, sai ka ce Baba. Wanda ya je Makka, Alhaji ko Hajiya. Malami ana ce masa "Allah gafarta Malam". Limamin ikilisiya ko dattijonta, yara da matasa sukan ce "Baba Fasto" ko "Baba". Mai sarauta kuwa, daga mai unguwa zuwa sama, "ranka ya daɗe", ko yadda bakin Katsinawa ya fi sabawa, "ranka shi daɗe". In hakimi ne, a ƙara da "Allah ya ja zamaninka" ko "Allah ya ba ka nasara", a kuma kira shi da sarautarsa. Hakimin Jibiya, alal misali, Sarkin Arewa ake ce masa.

Waɗansu matasa suna tsammani ladabi shi ne a bar cewa "ka" a koma cewa "ku". Wannan ba laifi ba ne, da yawa suna yi. Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Ai ko Sarki "ranka ya daɗe" muke ce masa, ba mu ce "ranku" ba. Abin da ke sosa ran babba shi ne umurni tsirara: zo, ka zo, ka jira ni, ka gaya wa wane. Hausa tana da hanyoyi biyu na rufe wannan tsiraici.

Hanya ta fari ita ce "an" da "a", inda ba a nuna mutum da yatsa. Maimakon "Ka tashi lafiya?" sai a ce "An tashi lafiya?" Maimakon "Ka ba ni lokaci," sai a ce "A taimaka a ba ni lokaci." Hanya ta biyu ita ce ƙaramar kalmar nan "ko", wadda ke mai da umurni ya zama tambaya: "Ko zan samu ganin Baba a makon nan?" Mai tambaya ya bar ƙofa a buɗe. In an ce masa a'a, ba wanda ya ji kunya.

Haka kuma "ina so" ta tsara ce. Wurin babba sai "ina roƙo", ko "ina neman alfarma", ko "na zo neman shawara".

To, in ba ka da sukuni sai Asabar fa?

Nan ne wuyar take, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Saurayinmu ma'aikaci ne. In ya ce, "Duk ran da Baffa ya ga dama," tsoho na iya cewa Talata da hantsi, lokacin da yake gaban allo. In ya ce ba zai iya ba, ya ƙi zaɓin babba bayan shi ya nema, wannan kuwa ya fi na farko muni.

Dabarar ita ce ka faɗi abin da ya ɗaure ka tun kafin ya zaɓa, ka faɗe shi a matsayin rauninka, sa'an nan ka bar masa zaɓi a cikin filin da ya rage. Kada ka ce, "Asabar nake so." Ka ce, "Aikin makaranta ba ya sakina sai ranar Asabar." Ranar dai ɗaya ce, amma a magana ta biyu ba kai ka zaɓe ta ba, aiki ne ya tilasta maka. Daga nan sai ka miƙa masa sauran: wace Asabar, ta jibi ko ta sama? Da hantsi ko bayan la'asar? Kai ka kafa shinge, shi ya zaɓi inda zai shimfiɗa tabarmarsa.

Sai kuma ka faɗi dalilin gaggawa, in akwai. "Ga shi damina ta ƙarato" ba matsi ba ne, gama manomi ya fi ka sanin haka. Ka tuna masa ne kawai, shi da kansa zai ga bai kamata a ja rana ba.

Da saurayinmu ya kira waya, ba rubutu ba, ya yi sallama ya gama gaisuwa, ga abin da ya kamata ya ce:

"Baffa, dama maganar gonar marigayi ce. Mu yara ba mu san iyaka ba, ku ne kuka sani. Ga shi damina ta ƙarato. Shi ne na ce ko za a ba ni lokaci in zo in same ka a gida, in ji yadda ka ga ya kamata a yi. Aiki ba ya sakina sai Asabar, amma ko ta jibi ko ta sama, duk wadda ta yi maka, da safe ko da yamma, ina nan tafe."

Ku duba abin da ya sauya. Zama na fari a zauren Baffa ne, ba a gona ba. Maganar mai unguwa ba ta taso ba tukuna. In an zauna, sai ya tambaya, "Ko ya kamata a sanar da mai unguwa? In ka yarda, ni sai in je in kai gaisuwarka." Sau da yawa tsoho zai ce, "Bari, ni zan yi masa magana a masallaci." Aikin da ka so ya yi, ga shi ya ɗauka da kansa, ba wanda ya aike shi.

In kuwa tilas babba ya taka zuwa wani wuri, kamar gonar nan, to ɗawainiyar tafiyar a wuyanka take. Sai ka ce, "In lokacin ya yi, in zo da babur in ɗauke ka."

Agogon dattijo ba irin naka ba ne

Ko ka iya kalmomin ladabi duka, in ka faɗi lokaci da harshen da tsoho ba ya aiki da shi, za a saɓa. Yawancin dattawan ƙauyukanmu da rana da salla suke auna yini: asuba, safe, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, magariba, lisha. Ko kai ba Musulmi ba ne, in dattijon da kake nema Musulmi ne, da waɗannan za ka yi masa magana.

"Ƙarfe huɗu" da saurayinmu ya rubuta ta faɗa daidai lokacin da ake tashi zuwa sallar la'asar. Da ya ce "bayan an sauko daga la'asar", da ya nuna ya san yinin baffansa. Amma a kula, waɗannan lokatai suna tafiya da rana. A ƙasar Katsina, a watan Nuwamba da Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe 6, a watan Yuni da Yuli kuwa sai wajen ƙarfe 7. Mai zuwa daga nesa, wanda zai koma a ranar, sai ya yi wannan lissafi. Daga Katsina zuwa Jibiya wajen kilomita 45 ne, kuma saboda rashin tsaron da ya addabi yankin a shekarun nan, mai hankali ba ya son dare ya yi masa a hanya. Wannan ma abu ne da za ka faɗa wa babba a fili: "Ina so in juya da sauran rana." Ba dattijon da zai ji haushin haka.

Akwai lokatan da ba a roƙon babba da su sam. Da damina, safiya ta gona ce. Rana tsaka ta hutawa ce. Juma'a daga hantsi har a sauko daga masallaci ba ta taɓuwa. Lahadi kuwa ita ce ranar kasuwar Jibiya, mutanen ƙauyuka da yawa can suke yini. Da azumi, yamma ta shirin buɗa baki ce. Wanda ya kawo ɗaya daga cikin waɗannan ya nuna jadawalinsa kaɗai ya duba.

Sai kuma tarkon kwanaki. A lissafin gargajiya dare ne ke gaba da yini. In tsoho ya ce "daren Juma'a", daren da za a wayi gari Juma'a yake nufi, watau Alhamis da dare. Ɗan boko yakan zo Juma'a da dare, ya tarar ya makara da kwana guda. Haka "Asabar mai zuwa" da "Asabar ta sama": ta farko ita ce mafi kusa, ta biyu ita ce ta bayanta. "Rana ita yau" mako guda ne cif. Gobe, jibi, gata, citta, kowace da matsayinta, in ka ɗauki gata a matsayin jibi ka yi tafiyar banza.

Kawun da ke ƙetaren iyaka

Mutanen Riko da na wajen Ɗan Isa da Maraɗi dangi ne, ladabinsu kuwa ɗaya ne. Ba abin mamaki ba ne, gama gidan sarautar Katsina na dā can Maraɗi ya koma bayan jihadi ya ci birnin a 1807. Agogon ƙasashen biyu ma ɗaya ne, ba a ƙara sa'a ba a ragewa. Amma wanda ya yi makaranta a Nijar yakan ƙirga sa'o'i har 24. In ɗan kawunka ya ce maka "ƙarfe sha shida", huɗu na yamma yake nufi. Ka tambaya ka tabbatar, kada ka yi kunya.

Sa'ad da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, zumunci da yawa ya koma kan waya. Ta haka matasa suka saba tura wa manya gajeren saƙo, suna ganin ya wadatar. Waya ba ta da laifi, amma tana da nata ladabi. Kada ka yi wa babba filashin don ya kira ka da kuɗinsa. Kada ka tura rubutu ga wanda sai an karanta masa, gama ka sa maganar gida a bakin yaron da zai karanta. In ba a samu kira ba, saƙon murya ya fi rubutu, domin ana jin gaisuwa da sanyin murya a cikinsa.

Ga wanda zai taso daga nesa kuma, kamar kawun nan, shi ake fara tambaya, domin tafiyarsa ta fi ta kowa wuya. Sai dai ba kai za ka tsai da rana da shi ba. Ka ji ranakun da za su yi masa, ka kawo wa Baffa, Baffa ya tsayar, ka mayar wa Kawu da cewa, "Baffa ya ce in gaishe ka, ya ce ko Asabar ta sama za ta yi maka." Kai ɗan aike ne tsakanin manya biyu. Wannan shi ne matsayinka, ba kuwa ƙarami ba ne.

Mai sarauta sai da iso

In maganar ta wuce gida, akwai tsani. Ba a tsallake mai unguwa a tafi wurin dagaci, ba a tsallake dagaci a tafi wurin hakimi. Ba kuma a kiran mai sarauta a waya a tambaye shi yaushe yake da lokaci. Ana neman wanda zai yi iso, ko wakilinsa, ko wani na kusa da shi, a ce, "A taimaka a yi mini iso wurin mai gari, duk lokacin da ya ga ya dace." Wurin wannan mutum ne za ka faɗi abin da ya ɗaure ka, da maganar Asabar, da maganar komawa da rana. Shi ya san yadda zai shigar da ita.

In takarda za a rubuta, a fara da sarautarsa, sai gaisuwa da fatan alheri, sai "bayan haka", sai dalili a jimla ɗaya ko biyu, sai roƙon lokaci. A takarda kam a rubuta rana da kwanan wata da lambobi, don kada a yi ruɗani. Amma a sa su cikin roƙo: "In ya yiwu, muna roƙon a ba mu ɗaya daga cikin ranakun Asabar biyu masu zuwa, ko kuwa duk ranar da aka ga ta fi dacewa." A kai takardar da hannu.

Yadda za ka gane an ba ka lokaci ko ba a ba ka ba

Babba ba ya cika cewa a'a. Saboda haka sai ka koyi jin amsa.

In ya ce, "To, ka zo Asabar bayan la'asar, Allah shi kai mu," ka samu. In ya ce, "To, mu gani," ko "Bari in duba," bai ba ka ba tukuna, wataƙila yana so ya yi shawara da wani. Ka bar kwana biyu ko uku, ka sake kira don gaisuwa, sau da yawa shi zai ta da zancen. In ya ce, "Sai na neme ka," kada ka matsa, amma ka nemi wani babba ya taya ka jin abin da ke ƙasa. In kuwa ya ce, "Ai gidanku ne, ko yaushe ka zo," wannan karamci ne, ba lokaci ba ne. Kana iya zuwa ka tarar ya tafi jana'iza a wani gari. Sai ka yi godiya ka ce, "To Baba, in na zo Asabar ta jibi da hantsi, zan same ka?" A nan ba laifi ka ambaci lokaci, gama shi ya ba ka izini.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ke ɗaya gefen. Akwai yaron da ladabi ya yi masa yawa, har ya gama waya bai san ranar da aka ce ba, yana jin nauyin tambaya. Wannan ma damina za ta wuce shi. Maganinsa shi ne maimaitawa. Kafin ka yi sallama ka ce, "Watau Asabar ta sama, bayan an sauko daga la'asar, in same ka a zaure." Ba ka yanke kome ba, abin da ya faɗa ka mayar masa. In ka ji ba daidai ba, zai gyara maka nan take. Ana gobe kuma ka kira ka gaishe shi, ka ce, "Ina nan tafe gobe in Allah ya yarda." Kada ka ce, "Kada ka manta."

Ranar kuwa, ka riga lokaci isa. Babba na iya sa ka jira, kai ba ka sa shi jira. In hanya ta riƙe ka, ka aika tun lokacin bai yi ba.

Abu guda ne ke ɗage wannan tsari duka, shi ne lalura ta gaggawa. In rashin lafiya ce mai tsanani, ko rasuwa, ko gobara, ba a neman iso. Ka yi sallama, ka ce, "A gafarce ni, Baba, lalura ce," ka faɗi magana.

Abin da ya rage wa saurayinmu

Ɗana, gona ba ta gudu ba, gero ne kawai zai yi wata huɗu a kanta. Kada ka jira sai kaka ta zo ka fara neman baffanka, domin zai ga gona ce ta kawo ka. Ka je Asabar ɗin nan da ɗan goronka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baffa, saƙon da na turo kwanaki, ƙuruciya ce, a yafe mini." Kada ka ƙara kome a kai, kada ka ta da zancen gona a ranar. In an yanke gero an ɗaure dammuna, sai ka koma ka roƙi lokaci yadda muka nuna. Ka rubuto mana yadda kuka ƙare.

Iyaye kuma, ga namu. Yaron nan ba a taɓa aikensa wurin babba an gaya masa abin da zai faɗa ba. A dā, uba yakan ce wa ɗansa, "Je ka wurin wane, ka durƙusa, ka ce ina gaishe shi, ka ce yaushe zan same shi," yaro ya maimaita kafin ya fita. A makon nan, in za ku nemi ganin wani babba, ku kira yaranku su zauna kusa su ji yadda kuke yi. Wani karon kuma ku miƙa musu wayar.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.